Yadda Ake Haska Kaya da Fitilu Uku a Blender, a Kuma Daidaita Hasken Hoto Ya Fito Tas

Ka gama ƙera robar man kaɗanya a Blender, ka manna mata takardar suna, ka danna F12, sai hoton ya fito kamar an ɗauke shi da tocila: gefe ɗaya fari fat har rubutu ya ɓace, ɗaya gefen baƙi ƙirin. Abin da yawancinmu ke yi a nan shi ne mu kama `Exposure` mu yi ta ja sama da ƙasa, mu ƙara fitila ta huɗu da ta biyar, har mu rasa wace ce ke yin me. Hanyar da nake bi ta fi wannan sauƙi. Ana kashe komai, a kunna fitila ɗaya, a auna ta da kati mai ruwan toka, sannan a shigo da sauran biyun ɗaya bayan ɗaya.

Misalin da za mu bi shi ne robar man shafawa mai tsayin santimita 8 da faɗin santimita 7, jikinta ruwan ƙasa mai duhu da sheƙi, murfinta baƙi, takardar jikinta fara. Na zaɓe ta ne saboda ta haɗa fari da duhu da sheƙi wuri guda, abubuwa ukun da ke wahalar da mai haskawa. Za mu yi aiki da injin Cycles, a Blender 4.2 ko wanda ya biyo bayansa.

Girman kaya da kyamara

Kafin ka taɓa fitila, zaɓi robar ka danna N ka duba `Dimensions`. Akwatin da Blender ke buɗewa da shi mita 2 ne ta kowace fuska, kuma da yawa daga masu koyo a kansa suke gina kayansu, sai robar mai ta zama ta fi mutum tsayi. Ƙarfin fitila a Blender da nisa yake tafiya, don haka duk lambobin da zan bayar a ƙasa ba za su yi maka aiki ba idan robarka mita 2 ce. Mayar da ita 0.08 a tsayi, 0.07 a faɗi, ka zaunar da gindinta a tsakiyar fili, sannan ka danna Ctrl+A ka zaɓi `Scale`.

Don ƙasa da bango, ɗauko `Plane` mai faɗin mita 2, ka ja gefensa na baya sama da E, ka lanƙwasa kusurwar da Ctrl+B har ta zama kamar takardar da masu hoto ke saukewa daga bango zuwa ƙasa. Ka ba shi ruwan toka mai haske, `Roughness` wajen 0.7.

Yanzu ƙara `Empty` a tsakiyar cikin robar, wato Z ya zama 0.04. Shi ne abin da kyamara da fitilu duka za su riƙa kallo. Ga kowannensu za ka shiga `Object Constraints`, ka ƙara `Track To`, ka zaɓi `Empty` ɗin a `Target`, ka bar `-Z` da `Y` yadda suke. Daga nan duk inda ka ja fitila, fuskarta na kan kaya, ba sai ka yi ta juya ta da hannu ba.

Kyamara ka sa ta a Y -0.5, Z 0.12, ka mayar da `Focal Length` daga 50 zuwa 85 mm. Dogon gilashi yana hana gefunan roba karkacewa, shi ya sa masu hoton kaya ke son sa. A nisan rabin mita, faɗin abin da kyamarar ke gani ya kai santimita 21, robar ta samu sarari ta ko'ina. Abu ɗaya da ya kamata mai sana'ar hoto ya sani: `F-Stop` da ke ƙarƙashin `Depth of Field` ba ya ƙara haske ko rage shi a Blender. Dishi-dishin baya kawai yake sarrafawa.

Sai ka shiga `World` ka mayar da `Strength` zuwa 0, ka goge fitilar da ta zo da fayil ɗin, mai wat 1000. Ka kunna `Rendered` a tagar aiki. Idan allon ya yi baƙi ƙirin, an shirya.

Babbar fitila

Danna Shift+A, `Light`, `Area`. Duk fitilun ukun irin wannan ne, domin ita ce ta yi kama da akwatin haske mai farin ƙyalle na situdiyo. Ga wuraren da na ajiye su, sunayen kuma yadda nake rubuta su ne a `Outliner`:

```
Key   X -0.35  Y -0.35  Z 0.38   Size 0.5        5 W
Fill  X  0.50  Y -0.20  Z 0.30   Size 0.6        1.25 W
Rim   X  0.30  Y  0.35  Z 0.30   Size 0.1 x 0.5  6 W
```

`Key` ce babbar fitila, `Fill` ta cike inuwa, `Rim` ta baya. A yanzu ta farkon kaɗai za ka ƙirƙira. Tana hagun kyamara da digiri 45, ta ɗaga sama da digiri 35 ko kusa da haka, nisanta da roba santimita 60. Dalilin karkatar da ita gefe shi ne roba zagayayya ce, kuma ido ba ya gane zagaye sai ya ga haske yana raguwa a hankali daga gefe zuwa gefe. In ka ajiye ta a bayan kyamara daidai, robar za ta baje kamar an zana ta a kwali.

Wat 5 zai ba wasu mamaki, musamman wanda ya saba ganin ɗaruruwa. Lissafin da nake farawa da shi shi ne: ka ninka nisan da kansa, a mita, sannan ka ninka da 10. Fitilar da ke mita 1 tana son wat 10. Tamu tana mita 0.6, wato 0.36 sau 10, kusan wat 3.6. Na ƙara zuwa 5 saboda hasken a karkace yake faɗa wa fuskar takarda. Wannan lissafi yana nuna maka wani abu kuma: idan ka ninka nisa sau biyu, hasken da ke isa ga kaya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka duk lokacin da ka matsar da fitila, sai ka sake aunawa.

Girman fitila shi ne wurin da ya cancanci ka daɗe. A jikin abu mai sheƙi, hoton fitilar kanta kake gani, kamar yadda taga ke bayyana a jikin sabon kwanon silba. Gwada mayar da `Size` zuwa 0.05 ka gani: wani ɗan tabo mai zafi zai fito a kafaɗar roba, inuwar ƙasa ta yi kaifi kamar ta tsakar rana. Mayar da shi 0.5, tabon ya zama doguwar fara mai laushi da ta bi jikin roba, bakin inuwa ya narke. Wat ɗin bai canja ba, an dai baza shi a fili mai faɗi ne, shi ya sa ƙyallin ya lafa. Ƙa'idar ita ce laushin inuwa ya danganta da girman fitila idan an gwada shi da nisanta. Fitila mai rabin mita a nisan santimita 60 babba ce, amma ita ɗin dai a nisan mita 5 ƙarama ce.

Idan ƙyallin ya hau kan rubutun takarda ya rufe shi, kada ka rage wat. Matsar da fitilar ta ƙara yin gefe, ko ka ɗaga ta, har hotonta ya zame daga kan rubutun. Matsalar kusurwa ce, rage ƙarfi zai duhunta komai ne kawai ya bar tabon a inda yake.

Auna haske da kati

Ido ba abin dogaro ba ne a nan. Allon wata kwamfutar ya fi na wata haske, kuma in ka yi minti goma kana kallon hoto mai duhu sai ka ga kamar daidai yake. Masu hoto suna amfani da kati mai ruwan toka da ke mayar da kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya faɗa masa, mu ma za mu yi namu.

Ƙara ɗan `Plane` mai santimita 5, ka tsayar da shi kusa da roba yana fuskantar kyamara. Ba shi sabon `Material`, `Roughness` 1, a wurin launi kuma ka shiga `Hex` ka rubuta 767676. Wannan shi ne daidai da 0.18 a lissafin haske na cikin Blender.

Je `Render Properties`, can ƙasa, `Color Management`. Ka tabbata `Exposure` na 0, `Gamma` na 1, `Look` na `None`. Sai ka canja `View Transform` zuwa `False Color`. Hoton zai rikiɗe ya zama launuka barkatai, kowane launi yana faɗa maka yawan haske. Shuɗi duhu ne, ruwan toka shi ne tsakiya, daga nan sai rawaya, ruwan lemo, ja, fari kuma yana nufin wurin ya ƙone, babu sauran bayani a cikinsa. Abin da kake nema shi ne katin ya fito ruwan toka. In ya karkata zuwa shuɗi-kore, ƙara wat ɗin babbar fitila. In ya shiga rawaya, rage. Rabin wat-rabin wat ya isa.

Idan kana son lamba, yi renda da F12, ka danna T a tagar hoton, ka ɗauki `Sample` ka danna kan katin. A ƙasan tagar za ka ga R, G da B. Tsakanin 0.16 da 0.20 ya yi. A wannan matakin gara ka tsaya ɗan ƙasa, kamar 0.15 ko 0.16, tunda fitila ta biyu za ta ƙara nata.

To me ya sa ba za a ja `Exposure` kawai ba? Ana iya ja, amma a san aikinsa. Kowane 1 da ka ƙara yana ninka hasken dukan hoton sau biyu, kowane 1 da ka rage yana raba shi biyu. Ba ya canja bambancin da ke tsakanin gefen haske da gefen inuwa. Idan matsalarka ita ce inuwa ta yi duhu da yawa, ɗaga shi zai ƙona takarda kafin inuwar ta gyaru. Ni ina barin sa a 0 har sai fitilu sun zauna, a ƙarshe in ɗan taɓa shi da 0.2 ko 0.3 idan hoton gaba ɗaya yana so. In na ga ina bukatar 2 ko 3, na san wat ɗina ne ko girman kayana ba daidai ba. Akwai wani `Exposure` ɗin kuma a ƙarƙashin `Film`, wanda ke farawa daga 1 kuma ninkawa yake yi kai tsaye. Bar shi a 1. Taɓa su biyun tare hanyar ruɗewa ce.

Fitilar cike inuwa

Mayar da `View Transform` zuwa `AgX` ka ƙara fitila ta biyu a damar kyamara. Aikinta ɗaya ne, ta ɗaga duhun gefen dama har a iya karanta ƙarshen rubutu da zanen murfi. Na ajiye ta a nisa ɗaya da babbar, santimita 60, da gangan, domin idan nisa ɗaya ne to gwada wat da wat ya isa ya gaya maka rabon da ke tsakaninsu. Wat 1.25 kashi ɗaya cikin huɗu ne na 5. Wannan rabon yana barin roba da siffarta. In hoton na kantin intanet ne inda ake son komai ya bayyana sarai, kai ta 2.5, wato rabi. In talla ce ta turare ko agogo da ake son duhu ya yi magana, sauke ta zuwa 0.6.

Alamar ta yi yawa ita ce inuwa ta biyu a ƙasa, tana tafiya hagu, ta gicciye da ta farko. Hoton kaya mai tsabta inuwa ɗaya ake so a gane a cikinsa. Wata alamar ita ce farare biyu masu ƙarfi ɗaya a jikin roba, hagu da dama, kamar idanu. Idan hasken da take bayarwa ya yi maka amma hotonta a jikin roba ne ba ka so, zaɓe ta, ka shiga `Object Properties`, `Visibility`, `Ray Visibility`, ka cire alamar `Glossy`. Za ta ci gaba da haskawa amma ta daina bayyana a sheƙi. Sai dai a kula, a kan ƙarfe kamar murfin gwal wannan dabarar tana kashe fitilar kusan gaba ɗaya, tunda ƙarfe ba shi da wani haske sai wanda ya mayar.

Sau da yawa ma farin kati ya fi fitila. Tsayar da `Plane` fari mai santimita 40 a dama, kusa da roba amma wajen idon kyamara. Zai mayar da hasken babbar fitila cikin laushi, kuma ba zai taɓa fin ta ƙarfi ba.

Fitilar baya

Baƙin murfi a gaban bango mai duhu yakan narke a cikinsa. Fitila ta uku ita ke zana siririn layin haske a gefen kaya ta raba shi da bango. Ka sa ta a baya ta dama, wato kishiyar babbar fitila, ka canja `Shape` zuwa `Rectangle`, `Size X` 0.1, `Size Y` 0.5. Doguwa ce siririya saboda layin da muke so dogo ne siriri.

Fara da wat 6. Nan wuri ya fi ƙarfi muhimmanci: ka kama ta da G ka riƙa matsar da ita a hankali kana kallon kyamara. In ta koma bayan roba sosai, layin zai sirance har ya ɓace. In ta zo gefe sosai, layin zai faɗaɗa ya zama babbar fitila ta biyu. Kaurin milimita 2 zuwa 3 a jikin robar santimita 7 ya wadatar. A `False Color` wannan layin zai iya kai wa ja, babu laifi, muddin farin da ke ciki bai wuce ɗigo ba.

Illarta ita ce zubar da haske a ƙasa da jefo inuwa zuwa wajen kyamara. Rage `Spread` da ke ƙarƙashin `Beam Shape` daga 180 zuwa 60 yana tattara hasken, amma zai ƙara masa ƙarfi a tsakiya, sai ka rage wat. Hanya mafi tsabta ita ce `Light Linking`, wanda ya shigo Cycles a Blender 4.0 a 2023. Yana `Object Properties`, ƙarƙashin `Shading`. Ka ƙirƙiri sabon `Collection` a wurin, ka ja robar ka saka a ciki, fitilar ta daina taɓa ƙasa da bango.

Bayan ukun sun kunnu, koma `False Color` ka sake duban katin. Zai ɗan tashi. Dubi takardar ma: ruwan lemo ya yi, ja a 'yan wurare ba matsala, fari a kan rubutu kuwa a'a. In katin daidai yake amma takarda na ƙonewa, laifin ba na fitila ba ne. Duba `Base Color` ɗinta, wataƙila fari ne cikakke. Farar takarda ta gaske ba ta mayar da dukan haske, ka sauke farin zuwa wajen 0.8.

Launi da farin bango

`AgX` shi ne zaɓin farko tun daga 4.0, inda ya karɓi wurin `Filmic`. Yana tausasa wurare masu haske kada su ƙone da wuri, amma yana kashe kaifin launi, kuma fari yakan fito da ɗan toka-toka. Mai kaya da ta san jan tambarinta za ta ce maka wannan ba jana ba ne, kuma gaskiyarta. `Look` na `Punchy` ko `Medium High Contrast` yana ɗan taimakawa. Amma in daidaiton launi ne kan gaba, gwada `Khronos PBR Neutral` da ya zo a 4.2, wanda aka yi shi musamman don launin kaya ya fito kusa da yadda aka shigar da shi. Ya fi `AgX` saurin cika a wurin ƙyalli, don haka sake duba layin fitilar baya bayan ka canja. `Standard` kuwa yana yanke duk abin da ya wuce 1 nan take, ba na son sa a kaya masu sheƙi. Don gwadawa, yi renda a `Slot 1`, ka koma `Slot 2` ka sake yi bayan ka canja fitila, sannan ka riƙa danna J kana tsalle tsakaninsu.

Wasu kasuwannin intanet, irin su Amazon, suna son babban hoton kaya a kan fari tsantsa, 255 a kowane launi. Kada ka nemi wannan ta hanyar zuba wa bango haske, domin zai dawo kan roba ya cinye gefunanta. Zaɓi ƙasan, ka kunna `Shadow Catcher` a `Visibility`, sannan ka kunna `Transparent` a `Film`. Ka fitar da PNG mai `RGBA`, ka ɗora shi a kan fari a GIMP ko Photoshop. In ka haɗa farin a cikin Blender da `Alpha Over` alhali `AgX` na kunne, zai fito ruwan toka, saboda `View Transform` yana hawa kansa shi ma.

Renda ta ƙarshe

Ɓoye katin daga renda ta hanyar kashe alamar kyamara da ke gefensa a `Outliner`. Ɓoye shi da H kawai ba ya hana shi fitowa a F12, na sha ganin sa tsaye a hoton da aka riga aka tura.

Cycles yana zuwa da `Max Samples` 4096 da `Noise Threshold` 0.01. Ga roba irin wannan da manyan fitilu, 512 tare da `Denoise`, mai share ɗige-ɗige, ya isa, abin da zai yi wa mai ƙaramar kwamfuta da ƙarancin wuta daɗi. Kafin ka saki hoton 2000 × 2000 gaba ɗaya, shiga kyamara da 0 na gefen lambobi, ka ja Ctrl+B a kan takarda da gefen murfi, ka yi renda na wannan yankin kaɗai. Abubuwa biyu za ka duba. In ƙananan haruffa ko zanen murfi sun yi kamar an shafe su da yatsa, mai share ɗige-ɗigen ne ya ci su saboda `Max Samples` ya yi kaɗan, ka ɗaga zuwa 1024. In kuma bangon ya nuna layi-layi a inda haske ke raguwa, ka fitar da hoton a `Color Depth` 16. Ctrl+Alt+B yana cire yankin, sai ka danna F12.